Durƙuson Haladu a Zauren Hajiya Yalwa

Wani mutum ne a Malumfashi ana ce masa Haladu mai wankin hula, amma shi sunan da ya raɗa wa kansa Sarkin Ladabi. Ba wanda ya naɗa shi. An dai wayi gari wata rana ya fara kiran kansa haka, mutane kuma suka ga musu da Haladu ɓata yawu ne, suka bar shi da sarautarsa.

Rumfarsa tana bakin hanya, dab da masallacin unguwa, kuma nan majalisa take zama. Huluna a kife kan gwangwanaye suna shan rana, shi kuma yana kan benci, tumbi a gaba, yana ba da karatu. Karatun nan guda ɗaya ne kullum: yadda namiji zai gaida mace.

Yakan ce, "Gaida namiji ai ba aiki ba ne. Ka miƙa hannu, ya miƙo, an gama. Gaida mace shi ne ilimi. Ni nan da kuke gani, lokacin da nake bin manyan motoci, na gaida mata tun daga Agadas har Kumasi. Na gaida matar alƙali. Na gaida uwar soja. A Damagaram na gaida wata tsohuwa da ta shekara tara ba ta amsa gaisuwar namiji ba. Ina durƙusawa ta fashe da kuka, ta ce ina ma ita ta haife ni."

Mati mai tura baro ya ce, "Bara waccan shekara bakwai ka ce."

"To daga bara waccan zuwa yau shekara nawa ne?"

Mati ya lissafa da yatsu, ya ga biyu ne.

Maganar gaskiya, ba wanda ya taɓa ganin Haladu ya gaida wata mace a tsanake. Iyakarsa idan tsohuwa ta gifta ya ɗaga murya daga kan benci ya ce, "A sauka lafiya, Hajiya." Matarsa kuwa ta tafi ganin gida shekara huɗu da suka wuce, har yau ba ta gama gani ba.

A cikin masu zama majalisar akwai Ilu kafinta. Ilu mutumin kirki ne, hannunsa na da kyau a katako, amma kunya ta yi masa katutu. Idan mace ta zo sayen kujera, sai ya tsaya yana yi wa zarto bayani. Matarsa ta rasu shekara uku, kuma bayan doguwar wahala Allah ya taimake shi ya daidaita da wata bazawara mai ɗinki, Hansatu. Ta yarda da shi. Abu ɗaya ta ce masa: ya je ya gaida gwaggonta.

Nan gizo yake saƙa. Gwaggon nan ita ce Hajiya Yalwa, wadda ta riƙe Hansatu tun tana ƙarama, malama ce mai karantar da matan unguwa, kuma ko baffannin Hansatu ba sa motsi sai ta ce. Hajiya Yalwa ba ta tambayar asalin mutum ko sana'arsa. Gaisuwarsa take saurare. An san mutum biyu da suka shiga zaurenta da takalma masu ƙyalli suka fito ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ilu ya kwana uku yana juya maganar. Rana ta huɗu ya zo rumfar Haladu tun kafin majalisa ta taru, ya tsuguna, ya ce, "Sarki, taimakona za ka yi."

Haladu ya ji daɗin sunan har cikin ransa. Ya aje burushi, ya goge hannu, ya fara.

"Da farko, idan ka isa ƙofa, ba a tsayawa ƙiƙam a tsakiya ana leƙe. Gefe za ka koma, dama ko hagu, yadda idonka ba zai faɗa cikin gida ba. Ka yi sallama, ba da ƙarfi kamar mai tallan gawayi ba, ba kuma can cikin maƙoshi ba. Ka jira. Sai masu gida sun amsa, sun ce ka shigo. In ka yi uku ba a amsa ba, ka juya abinka."

"To."

"Ka cire takalmi a bakin zaure. Hula tana kanka. Idan ta fito, ka durƙusa, idonka a ƙasa. Ka samu wani wuri a ƙasa ka ajiye idon, kamar ka yar da allura. Hannunka kuma ka riƙe abinka. Ka ɗora shi kan gwiwa ko kan ƙirji. Hannun namiji ba shi da aiki a gaisuwar mace."

"To."

"Kada ka kama sunanta. Hajiya kawai. Ina wuni, ina gajiya, ya mutanen gida, ya ibada. Kowace ka jira amsarta kafin ka ɗora wata. Kuma ko da wasa kada sunan yarinyar ya fito daga bakinka. Tana cikin mutanen gida, ka riga ka gaishe ta. In aka ce maka a gaida gida, an sallame ka ke nan. Ka ce za su ji, ka tashi."

Abin haushin shi ne duk wannan gaskiya ne. A wurin kakarsa ya ji tun yana yaro, ya haddace kamar karatun allo, bai dai taɓa gwadawa ba. Da nan ya tsaya, da ba a samu labari ba. Amma yana cikin magana sai wani tunani ya ɗarsu masa. Ya tuna an ce Hansatu ta iya dambu. Ya tuna ɗakinsa da yanar gizo ta cinye. Ya dubi Ilu, ga ƙurar katako har cikin gira, ya ce a ransa, yanzu wannan za a ba mace, ga Sarkin Ladabi zaune? Ai idan Hajiya Yalwa gaisuwa take aunawa, to a aje su gefe da gefe ta auna. Ba sai ya ce komai ba. Ita da kanta za ta aiko.

Sai ya gyara murya ya ce, "Amma ka san wannan na 'yan koyo ne. Akwai durƙuson manya, wanda na samo a Agadas. Wannan ba ya koyuwa. Ni zan raka ka. Ka yi ɗan naka, in an sallame ka ka tashi ka yi tafiyarka, kada ka jira ni. Zan tsaya in gyara abin da ka ɓata."

Ilu har da ƙwalla. Ya ce Allah ya bar zumunci.

Ranar da suka sa, bayan azahar, Haladu ya fito cikin shadda mai sitaci tana ƙarar kacau-kacau, ya zaɓi hular da ta fi kyau cikin na mutane ya ɗora, ya zuba turare kamar zai kori sauro. Ya tsaya gaban majalisa ya ce, "Ku zauna nan. Kafin la'asar za ku ji labarin abin da ake kira gaisuwa."

Suka isa gidan. Ilu ya koma gefen ƙofa, ya yi sallama. Shiru. Ya jira. Ya sake. Can wata murya ta amsa daga ciki, sai ga Iya Tabawa, ƙanwar Hajiya, 'yar tsohuwa mai kuzari, ta leƙo cikin hijabi. Ta ce su shigo zaure. Ta shimfiɗa tabarma, ta aje kwanon ruwa, ta koma. Ranar kasuwa ce, ba namiji ko ɗaya a gidan.

Ƙofar da ta shiga cikin gida asabari ne a rataye, irin labulen nan na tsinke da ake hango inuwar mutum ta ciki amma ba a ganin fuska. Aka ji takun tafiya a hankali, aka aje kujera, inuwa ta zauna.

Ilu ya durƙusa a gefen tabarma, ya kafa ido kan wani ɗan rami a daɓe.

"Hajiya, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau, alhamdulillahi. Ya aiki?"

"Da godiya."

"Hau tabarma mana, Malam."

Ilu ya ja jiki ya zauna bakin tabarma, ya naɗe ƙafa. Ya ce sunansa Ilu, kafinta ne a bakin masallaci, ya zo ne ya kawo gaisuwa. Daga nan maganar ta ƙare masa. Hajiya ta tambayi mahaifiyarsa, ya ce tana nan lafiya. Ta ce ya sha ruwa, ya ɗan kurɓa. Ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka. A gaida gida." Ya ce za su ji, ya tashi, ya ja da baya, ya sa takalmi, ya fita. Duka-duka bai kai a dafa shayi ba. Yana fita ya jingina da bango yana sauke numfashi, ya tabbata ya zubar da kansa, ya tafi masallaci ya zauna yana roƙon Allah ya ba Haladu sa'ar gyara.

Duk wannan lokaci Haladu yana tsaye a kusurwa, hannu a ƙirji, yana jin tausayin Ilu. Sai ya tako tsakiyar zaure. Ya tattara babbar riga. Ya ja ƙafar dama baya, ya harɗe ta bayan ta hagu, ya sauka a hankali har ya zauna kan dunduniya, sannan ya karkata kafaɗa, ya sunkuya gaba don gwiwar hannu ta taɓa ƙasa. Wannan shi ne durƙuson Agadas. Mutanen Agadas ba su san da shi ba. Daren jiya ya ƙirƙiro shi yana kwance, kuma a kwance ya yi kyau ƙwarai.

Gwiwar hannu na taɓa ƙasa, wani abu a ƙugunsa ya ce ƙas.

Ba ƙara mai yawa ba ce. Shi kaɗai ya ji. Amma ya ji ta har cikin haƙori.

Ya daure ya ce, "Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Barka da wuni."

"Barka kadai."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya. Hau tabarma, Malam."

Ya gwada. Daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ya amsa. Ƙugu ya riƙe gam, ƙafar da ya harɗe ta shige ƙarƙashin tumbi ta yi zamanta.

Ya ce, "A'a, Hajiya, nan ma ya isa. Irinmu ba ma hawa tabarma gaban manya."

A wurin Hajiya, idan babba ya ce ka zauna, zama shi ne ladabi. Amma ta bar shi.

Ya yi ya mutanen gida, ya yi ya ibada, ya yi ya ɗalibai, duk ta amsa. A tsakanin kowace gaisuwa yana ɗan yunƙurawa a ɓoye, ƙugun yana mayar da shi. Zufa ta fara bin bayan kunnensa.

Hajiya ta ce, "To madalla. Mun gode. A gaida gida."

"Za su ji."

Hajiya tana jira ya tashi. Shi ma abin da yake jira ke nan.

Ka ga inda abin ya kwana. Hajiya Yalwa ba za ta tashi ta bar baƙo a durƙushe ba, wannan wulaƙanci ne, ba a taɓa jin ta yi ba. Ba kuma za ta ɗaga asabari ta ƙare wa namiji kallo don ta ga me ke damunsa ba. Inuwa kawai take gani, inuwar kuma ta mutum ce mai tsananin ladabi. Shi kuwa Haladu, ya buɗe baki ya ce wa matar da yake so ta zama surukarsa ƙugunsa ya riƙe? Ya ambaci ƙugu a gaban Hajiya? Gara ƙasa ta tsage. Ya yanke shawara zai ɗan ja lokaci, jijiyar za ta saki da kanta.

Shirun ya yi tsawo har ya fara nauyi. Mutum kuma ba ya durƙusa gaban mace ya yi gum. Sai Haladu ya ce, "Hajiya, ina wuni."

Ta ɗan jinkirta. "Lafiya lau."

"Ina gajiya."

"Har yanzu babu."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya... maƙwabta?"

"Suna gidajensu."

Ya ji muryar Iya Tabawa ƙasa-ƙasa bayan asabari. "Yaya, wannan bai tafi ba?"

"Yana gaisuwa."

"Tun ɗazu?"

"Bai gama ba."

Ƙafar dama ta mutu murus. Ta hagu ta fara yi masa tsiri-tsiri kamar ana zuba yashi a ciki. Sitacin riga ya jiƙe ya manne a baya. Wata akuya ta yi kuka a cikin gida, Haladu ya ji kamar an jefo masa igiya.

"Ya awaki, Hajiya?"

"Ga ta nan ka ji ta."

"Kaji fa?"

"Ba ma kiwon kaji."

"Allah ya kawo."

"Amin. Malam, a gaida gida."

"Za su ji, in Allah ya yarda."

"To."

"To."

Ya kamata a ce wani abu game da Hajiya Yalwa a nan. Matar nan ta yi haƙuri. Sau biyu ta ƙara sallamarsa, kowanne da lafazi mai taushi. Ta ce kada a tsare shi, ta san yana da aiki. Ya ce aikin ai gaida manya ya fi shi. Ta ce rana tana yi. Ya ce rana ta Allah ce. Ta fara jan carbi, ana jin ƙas-ƙas ɗinsa yana ƙara sauri.

Gaisuwa ta ƙare wa Haladu kakaf. Mutumin da ya gaida mata daga Agadas har Kumasi ya laluba kansa bai samu ko ɗaya ba. Ya gaida rijiya. Ya gaida katangar da aka yi wa sabon yaɓe. Azaba ta rufe masa ido, bakin ya ci gaba da aiki shi kaɗai, sai kawai ya ji kansa yana cewa, "Ya Hansatu?"

Carbin ya tsaya.

Ko akuyar ba ta ƙara kuka ba. Can cikin gida, keken ɗinki da ake ta ji tun ɗazu shi ma ya yi tsit.

Hajiya ta ce, "Mutanen gida suna lafiya. Na riga na gaya maka."

Haladu ya so ya mutu, amma ko wannan ba ya jin zai iya a yadda yake.

Sai ladan ya kira la'asar.

Hajiya ta bari aka gama kira tsaf, ta yi addu'arta, sannan ta ce, "Malam, an kira salla."

"Na ji, Hajiya."

"Maza a masallaci suke yi."

"Haka ne."

"Masallacin yana waje."

"Allah ya saka da alheri."

Wataƙila da zai kai magariba a haka, don taurin kai Allah ya ba shi. Amma ɗan ramin nan na daɓe da Ilu ya kafa wa ido gidan cinnaku ne. Sun daɗe suna zagaya wannan tudu da aka aje musu a ƙofa. Ɗaya ya samu hanya ta ƙafar wando, ya yi ta hawa ba tare da ya yi sallama ba, har ya isa inda mutum ba ya sosawa a gaban kowa, balle gaban Hajiya. Nan ya kafa baki.

"Wayyo Allah!"

Haladu ya ɗago kai, ya zaro ido, ya wurga hannu gaba. Hannun ya ture asabari ya shige ciki har gwiwa, yatsu a baje.

"Hajiya, don girman Allah kama ni."

Hajiya Yalwa ta ja kujerarta baya kaɗan. Ta dubi hannun. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tabawa."

"Na'am, Yaya."

"Hannun wa nake gani a cikin gidana?"

"Na mai gaisuwar nan ne."

"Me yake nema?"

Daga nan komai ya zube. Haladu ya faɗi ƙugu, ya faɗi ƙafa, ya faɗi cinnaka da inda yake. Ya ce tun gaisuwar farko ya maƙale. Ya rantse ba zai iya tashi ba ko gobara aka yi.

Hajiya ta saurara har ya gama. Ta ce, "Ikon Allah. Ni kuwa ina ta cewa ban taɓa ganin mai ladabi irin wannan ba." Ta ɗan yi tunani irin na malamai. "Da rijiya ka faɗa, ko numfashi ke fita, larura ce, da mun kama ka da hannu ba laifi. Kana numfashi?"

"Ina yi, Hajiya."

"To ba ta kai nan ba. Tabawa, ɗauko taɓarya."

Aka turo taɓarya ta ƙarƙashin asabari. Haladu ya rungume kanta da hannu biyu. Tsofaffi biyu suka riƙe ɗaya kan daga ciki. Iya Tabawa ta ce bismillahi, suka ja. Haladu ya ɗago kamar taki ɗaya, ya yi lilo, ya tafi gefe guda, tim. Hular mutane ta gangara ta faɗa kwanon ruwa. Ya kwanta a kan haƙarƙari, amma durƙuson bai warware ba. Yana nan yadda yake, ƙafa a harɗe, gwiwa a ƙirji, kamar kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa.

Hajiya ta ce, "Wannan aikin maza ne. Tabawa, je ki ƙofar masallaci ki nemo abokinsa. Ni zan yi salla."

Iya Tabawa ta raɓa ta gefensa tana kawar da kai, ta ce masa sannu, ta fita. Ana sallame salla ta samu Ilu. Abin da ta gaya masa a hankali ta faɗa, amma ƙofar masallaci ce. Kafin Mati ya juyo da baronsa, majalisa gaba ɗaya ta miƙe, har da waɗanda ba a taɓa gani sun yi sauri ba.

Iya Tabawa ta shige ciki ta ce su jira ta gaya wa Yaya. Mutane suka yi cirko-cirko a waje. Ilu ya koma gefen ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Assalamu alaikum."

Daga ƙasan zaure Haladu ya ce, "Wa alaikumus salam. Ilu, shigo ka ɗaga ni."

Ilu bai motsa ba.

"Ilu, ba ka ji ba ne?"

"Na ji, Sarki. Amma kai ma baƙo ne. Sai masu gida sun amsa."

"Salla take yi!"

"To bari ta idar."

Hajiya Yalwa kuwa ba ta gaggawa a salla, ba ta kuma tashi sai ta gama lazimi. Ilu ya jira. Ya yi sallama ta biyu, ya sake jira. Mati ya zauna kan hannun baro. Wani daga baya ya tambaya ko wannan ne na Agadas ɗin, aka ce masa shi ne, amma a kwance.

Can aka ji kujera ta motsa. "Wa alaikumus salam. Ku shigo, mutum biyu sun isa."

Ilu da Mati suka cire takalma. Ilu ya fara durƙusawa ya ce, "Hajiya, barka da la'asar," ta ce barka kadai, sannan ya juya ga aikin da ya kawo shi. Suka gwada miƙe ƙafar, Haladu ya yi ƙara, suka bari. Suka ɗauke shi cak yadda yake, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta ƙasa, suka fito da shi suka dasa cikin baro. Ya zauna daram, a durƙushe, kai a sunkuye. Ilu ya matse hular ya ɗora masa.

Ba wanda ya yi dariya. Ƙofar gidan Hajiya Yalwa ce. Mutum goma sha wani abu suna tsaye kowa ya kafa ido a ƙasa, kafaɗu kawai ke rawa.

Ilu ya koma bakin zaure, zuciyarsa ta gama karyewa, don ya san shi ya kawo wannan abin kunya gidan mutane. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Mun bar ku lafiya."

Muryar ta fito daga bayan asabari, a natse, yadda duk wanda ke waje zai ji.

"Malam Ilu."

"Na'am, Hajiya."

"Ranar Juma'a ka turo magabatanka wurin baffanninta."

Da ƙyar Ilu ya samo "Allah ya saka da alheri."

Haladu dai bai fid da rai gaba ɗaya ba. Daga cikin baro ya tattaro sauran muryar da ta rage masa ya ce, "Hajiya, ni ma na bar ku lafiya. Sai na sake zagayowa gaisuwa."

"A'a, Malam, wadda ka yi ta ishe mu har baɗi." Ta ɗan dakata. "Mai baro."

Mati ya ce, "Na'am, Hajiya."

"Ka bi da shi a hankali wajen kwata, kada ladabin ya zube a hanya."